Yadda Ake Zaɓar Taken Makaranta Mai Zaman Kanta da Zai Haɗa Ladabi da Son Sani

Uban da ya tsaya a ƙofar makarantar kuɗi a ƙarshen watan Agusta yana karanta allon da ke saman ƙofa, yawanci tsoro biyu yake ɗauke da su. Na farko shi ne kada yaronsa ya lalace, ya koyo rashin kunya da tsaurin ido daga abokan da bai san gidajensu ba. Na biyu shi ne kada ya biya kuɗin zango uku a shekara har tsawon shekara shida, yaron ya fito yana maimaita abin da aka rubuta masa a allo ba tare da ya iya bayyana dalilinsa ba. Makarantar da take son gajeriyar jimla guda da za ta amsa waɗannan damuwoyi biyu tana fuskantar wata matsala ta musamman, domin a kunnen iyaye da yawa yaro mai ladabi shi ne mai shiru, yaro mai yawan tambaya kuma shi ne wanda ake cewa ya cika surutu. Aikin taken shi ne ya nuna cewa halayen biyu suna iya zama a jikin yaro guda, kuma ya yi hakan da kalmomin da ba za su ƙara wa iyaye fargaba ba.

Zan bi matakan da misali guda: a ɗauka firamare ce ta jeka-ka-dawo a wata sabuwar unguwa a gefen birnin Kano, mai ɗalibai maza da mata kimanin 180, wadda iyayen yaranta 'yan kasuwa ne da malamai da ƙananan ma'aikata. Ya kamata aikin ya fara a zango na uku, wajen watan Mayu ko Yuni, domin a gama kafin a buga takardun ɗaukar sababbin ɗalibai na watan Satumba.

Mataki na 1: Ku raba taken bajo da taken talla

Yawancin makarantu suna da jimlar da ke ƙarƙashin bajo, wadda aka ɗinka a aljihun rigar ɗalibi. Kwalejin Barewa da ke Zariya, wadda aka kafa a Katsina a 1921, tana da "Man jada wajada", wato wanda ya yi ƙoƙari zai samu, Jami'ar Bayero kuma tana ɗauke da yankin ayar Suratu Yusuf mai cewa a saman kowane mai ilimi akwai masani. Irin wannan take da ɗalibi yake magana, kuma an yi shi ne domin ya daɗe. Taken da muke nema a nan da iyaye yake magana, a allon ƙofa da jikin motar ɗaukar yara da sanarwar rediyo, ana kuma iya sauya shi bayan 'yan shekaru. Idan makarantarku tana da taken bajo ku bar shi inda yake, domin tsofaffin ɗalibai sun saba da shi.

Akwai kuma bambanci tsakanin take da kirari. Kirari yabon kai ne, kuma ya dace da gari ko basarake, kamar yadda ake ce wa Kano tumbin giwa. Makarantar da ta rubuta cewa ita ce gagara-badau a fagen ilimi kirari ta yi wa kanta, uban da ke cikin damuwa kuwa ba yabon makaranta ya zo ji ba, ya zo ne ya ji abin da zai faru da ɗansa. Abin da za a ara daga kirari shi ne gininsa kawai, wato gaɓa biyu masu amsa wa juna, waɗanda harshe yake riƙewa ba tare da wahala ba.

Mataki na 2: Ku ji damuwar daga bakin iyaye

Kada mai makaranta ya zauna a ofis ya ƙaddara abin da ke damun iyaye. Ku zaɓi iyaye goma sha biyu zuwa goma sha biyar, rabi mata rabi maza, a cikinsu a samu waɗanda suka daɗe da ku, da sababbi, da aƙalla biyu da suka cire 'ya'yansu ko suka zo tambaya ba su dawo ba. Iyaye mata suna da muhimmanci a nan, domin sau da yawa uba ne yake biyan kuɗi amma uwa ce take ganin sauyin halin yaro, ita ce kuma take ba maƙwabciyarta labarin makarantar a gidan suna. Zai fi kyau malama ta tattauna da su, a gida ko ta waya, domin ba kowace uwa ce za ta saki jiki da shugaban makaranta a ofishinsa ba.

Tambayoyi uku sun isa. A tambaye su abin da suka fi tsoron yaro ya koyo a makaranta, da abin da idan suka gani a gida za su ce lallai kuɗinsu bai tafi a banza ba, da kuma abin da ya taɓa ɓata musu rai game da wani malami. A rubuta amsar da kalmominsu, kada a gyara. A irin makarantar misalinmu amsoshin sukan zo kamar haka: "Ba na son ya riƙa mayar mini da magana," ko "Ina son in tambaye ta abin da aka koya musu ta iya yi mini bayani," ko "Malam, a hukunta shi, amma kada a ji masa ciwo." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta fi bayyana inda iyaye da yawa suke tsaye, kuma taken da bai san da ita ba zai kauce hanya.

Dalilin wannan taka-tsantsan na iyaye sananne ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300, ciki har da yara, daga wani gidan gyaran hali a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. A watan Janairu na 2022 kuma gwamnatin Kano ta janye takardun izinin makarantu masu zaman kansu domin sake tantance su, bayan kisan wata ƙaramar ɗaliba da ya girgiza jihar. Uwar da ta ji waɗannan labarai tana son tarbiyya kamar yadda take so a da, amma yanzu tana sauraron kowace kalma domin ta gane ko a hannun wa za ta bar ɗiyarta daga safe zuwa azahar.

Mataki na 3: Ku auna kalmomin ɗaya bayan ɗaya

A nan ne aikin yake da nauyi, kuma a nan ne na ga an fi yin kuskure, musamman idan an fara tsara taken da Turanci sannan aka juyo shi. Kalmar Turanci ta "discipline" da ake amfani da ita wajen kiyaye doka da oda a makaranta tana da 'yan'uwa da yawa a Hausa, kowace da nata ƙamshin.

"Horo" ita ce wadda mai fassara yake fara kawowa, ita ce kuma ta fi haɗari. Gaskiya ne ana cewa horar da malamai, amma idan aka haɗa kalmar da yaro abin da ke zuwa zuciya shi ne bulala da tsallen kwaɗo da kamun kunne. "Ladabtarwa" ta fi ta muni a allon ƙofa, domin ba a ladabtar da wanda bai yi laifi ba, sai uba ya ji kamar an riga an ɗauki ɗansa a matsayin kangararre. "Biyayya" tana da daɗi a kunnen iyaye, amma tana karo da rabin taken na biyu, tunda wanda aka san shi da biyayya zalla ba a sa ran ya ɗaga hannu ya ce bai gamsu ba. "Tarbiyya" kalma ce mai daraja da faɗi, ta haɗa addini da ɗabi'a da reno, sai dai ta yi yawa a allunan makarantu har ido ya daina ganinta, kuma wasu iyaye suna ganin tarbiyya haƙƙinsu ne, makaranta mataimakiya ce kawai. "Ɗa'a" tana da kyau a rubuce, amma ta fi kama da maganar takardar ofis.

Kalmomi biyu ne nake ganin sun fi dacewa: "ladabi" da "natsuwa". Ladabi abu ne da ake gani da ido, a gaisuwa da yadda yaro yake miƙa abu da hannun dama da yadda yake jiran babba ya gama magana, kuma ba ya hana magana, yana tsara yadda za a yi ta ne. Natsuwa kuma ta fi kusa da abin da malami yake bukata a aji, wato yaro ya zauna ya tattara hankalinsa a kan aiki guda. Makarantar da iyayenta suka fi kukan rashin kunya ta ɗauki ladabi, wadda suka fi kukan waya da talabijin sun raba hankalin yara ta ɗauki natsuwa.

Ɓangaren son sani ya fi wannan santsi, domin Hausa tana da kalmomi da yawa na kushe wannan hali idan ya wuce iyaka: karambani, shisshigi, ƙwaƙwa, iyayi, rawar kai. Uwar da ta ji makaranta tana alfahari da cewa tana sakin yara su tono komai, waɗannan kalmomi ne za su faɗo mata. "Bincike" tana da kyau a sakandare ko jami'a, amma a bakin mutumin kasuwa bincike aikin 'yan sanda ne da masu duba asusu. "Son sani" daidai take a ma'ana, sai dai wani lokaci ana faɗarta da sigar zargi, kamar a ce wa mutum ya cika son sanin abin da bai shafe shi ba. "Ƙishirwar ilimi" tana da armashi amma ta yi tsawo, kuma ba ta nuna wani aiki da yaro zai yi.

Kalmar da ta tsira ita ce "tambaya", domin al'ada ta riga ta wanke ta. Bahaushe yana cewa matambayi ba ya ɓata, yana kuma cewa tambaya rabin ilimi. A zauren karatu ɗalibi yana durƙusawa gaban malaminsa ya yi tambaya, ba wanda yake kiran hakan fitsara, kuma Alƙur'ani a Suratun Nahli, aya ta 43, ya yi umarni da a tambayi ma'abota sani idan ba a sani ba. Saboda haka idan take ya ce "tambaya", uba yana jin abin da ya sani tun yana makarantar allo, ba wani baƙon ra'ayi da zai raba shi da ɗansa ba.

Mataki na 4: Ku rubuta da yawa, sannan ku yi ta zubarwa

Ku zauna da malamai uku ko huɗu ku rubuta jimloli ashirin ko fiye ba tare da kushe ko ɗaya ba, sannan a wata rana dabam ku dawo ku tace. Ma'aunin tacewar shi ne kada jimla ta wuce kalma takwas, ta faɗu cikin numfashi guda, kuma ta ambaci abin da yaro zai yi, ba abin da makaranta take ji game da kanta ba. Ga shida daga irin waɗanda makarantar misalinmu za ta iya fitarwa, da hukuncin kowanne.

"Ilimi da tarbiyya ingantattu." Ba ta da laifi, amma idan aka cire sunan makarantarku aka sa na maƙwabciyarku ba abin da zai sauya. Duk taken da ya faɗi wannan gwaji a ajiye shi.

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Karin magana ce da kowa ya yarda da ita, kuma tsofaffi za su gyaɗa kai. Matsalarta ita ce hoton da ke cikinta na lanƙwasa abu da ƙarfi ne, babu kuma wurin son sani a cikinta ko kaɗan. Ta dace da jawabin taron iyaye da malamai, ba allon ƙofa ba.

"Tarbiyya ba duka, karatu ba hadda." Tana da kiɗa, kuma matasan malamai sukan so ta. Amma ta taɓo wurare biyu masu zafi. Hadda a wurinmu kalma ce mai alfarma saboda haddar Alƙur'ani, kuma makarantar da take da sashen Islamiyya da yamma ba za ta rubuta a ƙofarta cewa ba ta yin hadda ba. Sannan "ba duka" tana sa kalmar duka a idon mai karatu, wasu iyayen kuma za su fassara ta da cewa an bar yara sakaka. Dokar hana duka abu ne mai kyau da nake goyon baya, amma wurin bayaninta shi ne takardar ƙa'idojin makaranta, inda za a faɗi hukuncin da ya maye gurbinsa.

"Matambayi ba ya ɓata, mai ladabi ba ya taɓewa." Ma'anarta ta cika, rabin farko kuma sananne ne. Sai dai kalma tara ce, kuma ta ɗora "ɓata" da "taɓewa" a ƙofar da iyaye suke shigo da 'ya'yansu kowace safiya. Mutanenmu suna kula da fatan baki, ba sa son mummunar kalma kusa da sunan yaro ko da an kore ta da "ba".

"Su gaida manya, su tambayi malamai." Wannan tana cikin biyun da suka fi ƙarfi. Kalma shida ce, aiki biyu ne da ake gani, kuma "su" ta haɗa maza da mata, abin da "yaro mai ladabi" ba za ta yi ba, domin uban 'ya'ya mata zai iya jin ba da shi ake ba. Rauninta shi ne ta jera halayen biyu gefe da gefe ba tare da ta ɗaure su ba.

"Da ladabi ake tambaya, da tambaya ake sani." Ita ce nake ba makarantar misalinmu shawarar ta ɗauka. Kalma takwas ce, huɗu a kowane ɓangare, gaɓoɓin furuci tara a farko da takwas a ƙarshe, saboda haka tana tafiya daidai a baki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne jerin da ta bi: ladabi ya zo farko, ya kwantar da hankalin uban da ke tsoron fitsara, sannan tambaya ta fito daga cikin ladabin, sani kuma ya fito daga tambayar. Ba ta ce wa iyaye su zaɓi ɗaya ba, ba ta kuma yi alkawarin sakamakon jarrabawa ba. Idan aka juya ta aka fara da tambaya, ƙarfinta yana raguwa a wurin iyaye masu fargaba, domin kalmar da kunne ya fara ji ita ce take saita sauran.

Makarantar da ta zaɓi natsuwa tana iya bin wannan gini ta ce "Natsuwa a aji, tambaya a baki," ko da yake ba ta kai waccan santsi ba. Sakandaren da ke da ɗakin gwaje-gwaje na gaske tana iya cewa "Ladabi a hali, bincike a karatu," domin a wannan mataki iyaye sun fara tunanin jami'a, kalmar bincike kuma ta daina ba su tsoro.

Mataki na 5: Ku tabbatar akwai abin nunawa a bayan kowace kalma

Kafin a kira mai fenti, shugaban makaranta ya rubuta a takarda abubuwa biyu da ake yi kullum waɗanda ke tabbatar da kowane rabi na taken. A ɓangaren ladabi, misali, malami yana tsayawa a ƙofa daga ƙarfe 7:15 yana amsa gaisuwar kowane yaro da sunansa, ana rufe rajista ƙarfe 7:45, kuma akwai rubutaccen jerin laifuffuka da hukuncin kowanne wanda iyaye suka sa wa hannu. A ɓangaren tambaya, ana ware minti biyar na ƙarshen kowane darasi domin tambayoyin ɗalibai, kuma kowane aji yana da akwatin da masu jin kunya suke jefa tambayarsu a rubuce, a buɗe shi ranar Alhamis a amsa.

Idan ba a samu abin rubutawa a ɓangare guda ba, to matsalar ba ta take ba ce, kuma bai kamata a buga shi ba tukuna. Inda irin wannan take yake mutuwa shi ne ranar da yarinya 'yar aji huɗu ta tambayi malami dalilin da ya sa wata yake bin mutum idan yana tafiya, malamin ya daka mata tsawa ya ce ta cika surutu, ta koma gida ta faɗa wa mahaifiyarta. Daga ranar uwar za ta riƙa karanta allon ƙofa da wani ido dabam. Saboda haka a zauna da malamai kafin iyaye su ga taken, a koya musu abin da za su ce idan ba su san amsa ba, wato su yaba tambayar, su rubuta ta a gefen allo, su dawo da amsa washegari. Malamin da yake jin tambaya a matsayin raini yana bukatar wannan zama fiye da kowa, kuma a yi masa shi cikin mutunci.

Akwai alkawuran da bai kamata su shiga take ba ko da sun yi daɗi. Kada a ce kowane ɗalibi zai ci jarrabawar WAEC ko NECO ko ta shiga sakandare, domin ba a hannunku kaɗai take ba, kuma irin wannan magana tana sa mai hankali ya yi zargin satar amsa. Kada a yi alkawarin cikakken tsaro a jimla guda. Bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disamba 2020 da Jangebe a Fabrairu 2021, iyaye sun fi yarda da katanga da mai gadi da tsarin ɗaukar yaro da suka gani da idonsu. Game da aya ko hadisi kuma, a tuna cewa takardar talla tana ƙarewa a ƙasa ko a hannun mai ƙosai, don haka a bar nassi a bangon cikin makaranta. Makarantar da ke Sabon Gari ko Kaduna ko Jos, mai 'ya'yan Musulmi da Kirista, za ta ga cewa ladabi da tambaya kalmomi ne da kowane gida yake karɓa.

Mataki na 6: Ku gwada biyu ko uku a kunnen mutane

Ku ɗauki biyun da suka rage ku gwada su a kan mutane kimanin ashirin da ba ma'aikatanku ba ne, domin ma'aikaci yakan yaba abin da mai gida ya kawo. Kada ku tambaye su ko taken ya yi kyau, kowa zai ce ya yi. Ku faɗa wa mutum goma take na farko, sauran goman kuma take na biyu, sau ɗaya da baki, sannan ku tambayi kowa irin makarantar da yake zaton wannan ce da kuma yadda yake ganin ake hukunta yaro a cikinta. Idan uku ko huɗu cikin goma suka ce da alama ana duka sosai, ko suka ce da alama ba a tsawatarwa, kalma ta karkace, sai a koma mataki na uku.

Washegari ku kira su ku roƙi su maimaita jimlar. Wadda mutum shida ko bakwai cikin goma suka dawo da ita kusan daidai ta zauna. Ku kula da yadda suke kuskurenta, domin wani lokaci kuskuren gyara ne: idan da yawa suka ce "da tambaya ake ilimi" maimakon "ake sani", ku duba ko tasu ta fi sauƙi a harshe. Ku sa yaro ɗan aji uku ya karanta ta da ƙarfi, ku kuma ba wani dattijo mai jin Hausa sosai ya duba ko akwai wata ma'ana ta biyu da za a iya juya ta zuwa abin dariya a unguwa. Daga ƙarshe ku zaga makarantun da ke kusa ku karanta allunansu, kada ku buga abin da wani ya riga ku.

Mataki na 7: Rubutu, allo da rediyo

Haruffa masu lanƙwasa suna ɓata aiki mai kyau a wurin bugu, domin ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne yake da ɓ da ɗ da ƙ ba, mai bugu kuma yakan musanya su ba tare da ya faɗa ba. "Ƙasa" ta koma "kasa", "ɗa" ya koma "da", kuma makarantar da ke tallar ilimi da kuskuren rubutu a ƙofarta ta ba da kanta. Ku nemi a nuna muku samfurin a takarda ku sa hannu kafin a buga babba. Wani abin da ya ƙara wa taken da muka zaɓa daraja shi ne babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a cikinsa, don haka zai fita daidai a allo da saƙon waya da WhatsApp.

Masu yin alluna suna da ƙiyasin cewa kowane inci guda na tsayin harafi yana karantuwa da kyau daga nisan ƙafa goma. Idan titin da ke gaban makarantar yana da nisan ƙafa arba'in daga ƙofa, haruffan taken kada su gaza inci huɗu, a rubuta shi layi biyu, a yanke a wurin waƙafi. Sunan makaranta ya fi shi girma, lambar waya ta zo a ƙasa, sauran bayanai kamar jerin darussa a bar su ga takarda. Idan kuna son na Turanci a gefe, ku sa wanda ya ƙware ya tsara shi da kansa a kan ma'anar, kada a bi kalma da kalma, kuma a unguwa irin ta misalinmu Hausar ce za ta hau sama.

A sanarwar rediyo ta daƙiƙa talatin a faɗi taken sau biyu, a farko da ƙarshe, kuma ya fi tasiri idan muryar yaro ta faɗi rabin farko, muryar malama ta cika na biyu. Ku tambayi gidan rediyon ko kamfanin tallar game da tantancewar hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta ɗora wa alhakin kula da tallace-tallace a Nijeriya, kuma kada a sa murya ko hoton kowane yaro sai da rubutaccen izinin iyayensa.

Bayan an fara amfani da shi, a ƙara layi guda a fom ɗin ɗaukar ɗalibi da ke tambayar inda iyaye suka ji labarin makarantar da abin da ya ja hankalinsu. A ƙarshen zango na uku a ƙirga amsoshin, a kuma sake kiran iyaye goma sha biyun nan na mataki na biyu a tambaye su ko abin da ke rubuce a ƙofa shi ne abin da suke gani a gida. Idan suka ce ladabin ya samu amma yaran ba sa tambaya, gyaran yana cikin aji, a bar allon yadda yake. Idan kuwa sababbin iyaye suna zuwa da wata damuwa dabam da ba ta cikin taken, sai a sake zama da su kafin bugun takardun Satumba mai zuwa.